Rahoto Mai Lamba Arba'in da Uku

A ofis Injiniya suke ce masa, har da ɗan rusunawa in an zo neman alfarma. A gida kuwa Auta ne, kuma Auta zai ci gaba da zama ko da furfura ta cika masa kai. Wadda ta fi kowa nacewa kan wannan suna ita ce Yayarsa, wadda ta goye shi tana 'yar shekara goma sha ɗaya, ta kuma zane shi da igiyar guga ranar da ya kwance rediyon Baba don ya ga mutumin da ke magana a ciki.

Yaya ma'aikaciyar lafiya ce mai bin gida-gida. Shekara goma sha huɗu tana yawo da jaka mai ɗauke da na'urar awon jini, da ma'aunin jarirai, da wani katon littafi da gumi ya naɗe wa kusurwoyi. Bara aka karɓe littafin aka ba su waya. Manhajar da ke cikin wayar kuwa ɗan kamfanin da Auta ke wa aiki ne ya gina ta, kuma in za a faɗi gaskiya Auta ne kamfanin, don sauran mutum uku Manaja ne, da mai zana shafuka, da wata mai amsa waya da ba ta cika amsawa ba.

Aikin manhajar ba shi da sarƙaƙiya. Ma'aikaciya ta auna mai ciki, ta shigar da sakamako, ta danna. Manhaja ta adana rahoton a cikin wayar, sannan ta miƙa aikin aikawa ga wani sashe na Android da ake kira WorkManager. Shi kuma sai ya rubuta aikin a nasa rumbun, da sharaɗin cewa ba za a taɓa shi ba sai akwai intanet. Ko an rufe manhaja, ko caji ya ƙare, ko an kashe waya an kunna, aikin yana nan a rubuce, da zarar sabis ya dawo zai tafi. In rahoton ya isa saba, wato babbar kwamfutar asibiti, aka ga awon na haɗari ne, sai allon likita ya yi ja, a sanar da direban motar asibiti, a kuma tura saƙon tes ga mijin matar.

Ranar horarwa Auta ya tsaya gaban mata talatin cikin sabuwar riga, ya ɗaga wayar sama.

"Wannan ba ta mantuwa," in ji shi. "Ba sai kun hau kan tudu kuna neman sabis don ku kira asibiti ba. Ku danna kawai ku wuce gida na gaba. In kun ga koren maki, ya tafi."

Daga kujerar baya Yaya ta ce, "Kai da ka manta takalminka a masallaci sau biyu, kai ne za ka ƙera abin da ba ya mantuwa?"

Ɗakin ya ɗauki dariya. Amma da aka tashi ya ji ta tana gaya wa wata a bakin ƙofa, da muryar da take tsammanin ba ya ji, cewa ƙanenta ne, ita ta raine shi.

Yanzu kwana goma sha shida ke nan da aka dakatar da ita.

Abin da ya faru gajere ne. Wata Talata ta shiga wata unguwa da ke bayan tsaunuka, inda rashin sabis ke mayar da waya madubi kawai. A gida na biyu ta auna matar wani kafinta mai cikin wata takwas, ta ga jini ya hau ɗari da saba'in bisa ɗari da goma sha biyar, ƙafafu sun kumbura, matar kuma tana cewa kanta kamar ana sara. Yaya ta ce a tafi asibiti yau. Matar ta ce maigidan yana aiki a cikin gari, sai ya dawo. Yaya ta ce to ba komai, saƙo zai same shi a can, mota ma za ta zo. Ta shigar, ta danna, ta yi sauran gidaje huɗu. Kafin la'asar cajin wayarta ya ƙare. Da ta koma gida ta sa caji ta kunna, ta buɗe manhaja ta ga koren maki, sai ta yi hamdala ta ɗora tukunya.

Mota ba ta je ba, saƙo bai je ba. Ranar Alhamis da hantsi jijjiga ta kama matar, aka ɗauko ta a bayan a-kori-kura, ba ta kai ƙofar asibiti da rai ba. Abin da ke cikinta ma bai zo da rai ba.

Asibiti ya duba sabarsa bai ga rahoton matar ba. Aka buɗe shafin tarihi a wayar Yaya, nan ma babu. Sai aka karɓe wayar aka kashe aka kulle a durowa, aka rubuta mata takarda mai kalmar sakaci sau uku, aka kafa kwamiti. In kwamitin ya tabbatar, lasisinta ya tafi, kuma sunanta zai zama na matar da ta ga mai ciki tana mutuwa ta wuce.

Auta ya je gaishe ta ranar Asabar da rana. Ya same ta a tsakar gida tana wankin kayan da ko makaho ya san wankakku ne. Jakar aikin tana rataye a ƙusa, ƙura ta fara hawa.

"Yaya, kin tabbata kin danna?"

Ta ɗago ta dube shi, kumfa har gwiwar hannu.

"Kai ma?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Haka kake nufi mana. Su ma haka suka fara. Auta, har hoton na'urar na ɗauka, da lambobin a jiki. Na ga koren makinka da idona." Ta matse wata riga kamar ita ta yi mata laifi. "Amma bar shi. Ni ma da nawa laifin. Da can, ko sai na yi tafiyar awa guda zan nemi sabis in kira. Ranar ban kira ba. Na ce ai an ce ba sai mun kira ba."

Ba ta ce wa ya faɗa ba. Ya so ƙwarai a ce ta faɗa, ta zage shi ma, ya samu abin da zai riƙe ya yi fushi. Sai kawai ta tambaye shi ko ya ci abinci.

Daga can ofis ya wuce, ko da yake ba ranar aiki ba ce. Ɗaki ɗaya ne a saman wani shagon taya, da fanka mai kukan akuya, da kwali cike da tsofaffin wayoyin gwaji. Ya buɗe sabar ya jero rahotannin Yaya. Kowane rahoto yana da lambar da wayar ke ba shi a jere. Arba'in. Arba'in da ɗaya. Sai arba'in da bakwai, awon nauyin wani jariri mai ƙoshin lafiya, wanda ya iso ƙarfe shida da minti goma na yammacin Talata, daidai lokacin da ta kunna waya a gida.

Biyar babu. Na ƙarshe kaɗai ya iso.

Da mutuwar waya ce ta cinye su, da na arba'in da bakwai ma bai tsira ba. Shi ya yi jira a layi, waya ta mutu da shi ta farfaɗo da shi, ya tafi lafiya lau kamar yadda aka yi alkawari. Ba a hanya suka ɓace ba ke nan. Wani ne ya fitar da su daga layi.

Bai sha wahalar gano wanin ba. Sati uku kafin Talatar nan asibiti ya yi ƙorafin cewa rahotanni suna zuwa bibbiyu, saboda wasu matan suna danna maɓallin sau biyu don su tabbatar. Manaja ya tsaya masa a ka ya ce a gyara kafin a tashi. Shi kuma ya yi abin da ya ga ya fi sauri: ya ba aikin aikawa suna guda, ya zaɓi ƙa'idar da ake kira REPLACE. Ma'anarta, in sabon aiki ya zo da wannan suna ya tarar da wani yana jira, a soke na jiran a goge shi, sabon ya gaje gurbinsa. Ga dannawa biyu a kan rahoto ɗaya, maganin ya yi daidai. Sai dai sunan da ya rubuta ɗaya ne tak ga kowane rahoto na kowace mata. Bai haɗa shi da lambar rahoton ba.

Ya gwada a lokacin, ba wai bai gwada ba. A nan kan wannan teburi ya gwada, ƙarƙashin intanet ɗin ofis, inda kowane aiki ke tafiya cikin daƙiƙa guda, don haka ba a taɓa samun na jira ba balle a soke shi. Amma a bayan tsaunuka na arba'in da biyu ya tsaya jiran sabis, na arba'in da uku ya zo ya kore shi, na arba'in da huɗu ya kori na arba'in da uku, haka har ƙarshe. Koren makin kuwa sunan aikin yake kallo, ba rahoton ba. Shafin tarihi shi ma daga sabar yake ɗauko abin da yake nunawa. Duk hannunsa ne.

Ya ɗauko wayar gwaji ya yanke mata sabis, ya shigar da rahoto uku, ya kashe ta ya kunna, ya maido da sabis. Ɗaya ya iso. Ya sake yi sau huɗu, kamar mai fatan na'ura za ta ji tausayinsa ta canza magana.

Manaja ya zo ranar Lahadi da safe saboda Auta ya ce masa ba maganar waya ba ce. Mutum ne mai son turare da kalmar "a hankali". Ya saurara har ƙarshe yana juya makullin mota a yatsa.

"Wa ya sani?"

"Ni da kai, ranka ya daɗe."

"To. A hankali." Ya ja kujera. "Ka gyara, mu tura sabuntawa, mu ce inganta gudu ne. Kwamiti mu gaya musu wayarta ta mutu a fili, kuma ka san yanayin sabis. Ba ƙarya muka yi ba, ai ta mutu."

"Mutuwar waya ba ta goge aikin da ke layi. Ni na tsaya gabansu na faɗa, kuma gaskiya ne."

"Su wa za su san wannan? Likita? Ita da ko lambar sirrinta sai an tuna mata?"

"In an ce waya ce, za su ce me ya sa na jaririn ya iso. Sai a koma kan cewa ba ta shigar ba."

Manaja ya sassauta murya, abin da ya fi tsawa muni.

"Injiniya, na san 'yar'uwarka ce. Za a ja mata kunne, ƙila a mayar da ita wani sashe, shi ke nan. Amma in ka buɗe baki, kwantiragi ya tafi, mu huɗu mun tafi, kai kuma babu wanda zai sake ba ka ko manhajar kiran sallah ka rubuta. Wadda ta rasu ta rasu, Allah ya ji ƙanta. Kuma ai ranar Laraba za su wanke wayoyin da aka karɓa, su goge komai na ciki, su raba wa sababbin ma'aikata."

Wannan ne Auta bai sani ba. Aikin aikawa an goge shi, amma rahoton kansa yana nan kwance a ma'ajiyar manhaja cikin wayar Yaya, da alamar ba a aika ba, da sa'arsa da hotonsa. In aka wanke wayar, shi ke nan, babu sauran abin da zai ce ta danna sai bakinta.

Zan so in ce nan take ya miƙe ya buga teburi. Bai yi ba. Ya ce zai yi tunani, kuma ya yi tunanin da gaske, wuni guda cur, har da lissafa yadda zai riƙa kai wa Yaya cefane in ta rasa aiki, kamar cefane ne abin da za a ƙwace mata. Tsoro ya ji, tsoro mai sa mutum ya raina kansa yana kuma ci gaba da jinsa. Abin da ya karya shi ƙarami ne: ya tuna ta tambaye shi ko ya ci abinci.

Ya yi gyaran a ranar. Kowane rahoto ya samu sunan aikinsa mai ɗauke da lambarsa, da ƙa'idar KEEP, yadda dannawa ta biyu ba za ta kori kowa ba. In aikawa ta katse a hanya, a sake gwadawa bayan ɗan jinkiri. Ya kuma ƙara wani aiki mai shara, wanda da an buɗe manhaja zai shiga layi, in sabis ya samu ya bi ma'ajiya ya tura duk abin da ba a aika ba. Wannan karon a cikin wani akwatin ƙarfe ya gwada, inda ko ɗigon sabis babu.

Kwamitin ya zauna ranar Talata ƙarfe goma, a ɗakin taron asibiti mai warin maganin goge ƙasa. Likita ce a tsakiya, mace mai tabarau a kan goshi da wani a kan hanci. Ga shugabar ma'aikatan jinya, ga jami'in kwamfuta na asibiti, ga Manaja da turarensa. Yaya tana gefe ita kaɗai, hannuwa a cinya. A can ƙarshen teburi kafinta ne, mijin marigayiya, wanda shi ya kawo ƙara. Dogo ne siriri, da ɗan yatsa guda da zarto ya taɓa gutsurewa. Ya ajiye ƙaramar wayarsa mai maɓallai a gabansa, bai dubi kowa ba.

Da aka zo kan kamfani, Manaja ya gyara zama ya ce, "A hankali, abin da muka lura..."

"Laifina ne, Likita," in ji Auta.

Muryarsa ta fito siririya kamar ta yaro. Ya maimaita. Sannan ya yi bayani, ba da kalmomin ofis ba. Ya ce a ɗauka layi ne a bakin taga, an ce kowa ya jira a buɗe, shi kuma ya ba mai gadi umarnin duk wanda ya zo a kori na gabansa. Ya nuna musu da wayar gwaji: uku suka shiga, aka kashe aka kunna, ɗaya ya fito a allon bango.

Likita ta sauke tabarau na goshi ta ɗora a kan na hanci, ta cire duka biyun.

"Wannan ya nuna abin zai iya faruwa. Bai nuna ta shigar ba. Kuma an ce mini kai ƙanenta ne."

"Ƙanenta ne ni. Shi ya sa ba zan taɓa wayar ba. A ba jami'inku ya ɗora gyaran a kan tsohuwar manhajar, kada ya goge komai. Abin da ke ciki zai fito da kansa."

Aka kawo wayar daga durowa cikin ambulan mai hatimi. Aka sa mata caji, Yaya ta buɗe ta da lambarta ba tare da ta dubi ƙanenta ba. Jami'in ya yanke sabis, ya ɗora gyaran ta igiyar kebul daga kwamfutarsa, ya buɗe manhaja sau ɗaya ya rufe. Likita ta ce tunda an ce mutuwar waya ce, a kashe ta a gani. Aka kashe, aka kunna, Yaya ta sake buɗewa, aka maido da sabis, aka ajiye ta a tsakiyar teburi.

Ba abin da ya faru.

"Yakan ɗan ɗauki lokaci," in ji Auta. "Alkawarinsa zai yi, bai ce ga daƙiƙar ba."

Minti ɗaya ya wuce. Manaja ya dubi silin. Auta yana jin numfashin Yaya daga inda yake.

Sai allon bango ya motsa. Arba'in da biyu ya fito, fari. Arba'in da uku ya biyo shi, layin gaba ɗaya ja wur, da kwanan watan waccan Talatar, ƙarfe goma sha ɗaya da minti shida na safe. Jami'in ya danna. Ga hoton na'urar awo a kan tabarma, 170 a sama, 115 a ƙasa, ga gefen hannun mace da kumburarrun yatsu da zoben azurfa ya nutse a ciki.

Yaya ta rufe baki da mayafi. Shugabar ma'aikatan jinya ta ce innalillahi a hankali. Wani abu mai kama da sauƙi ya taso wa Auta a ƙirji, ya kai kamar daƙiƙa uku.

A daƙiƙa ta huɗu ya tuna. Sabar ba ta duba kwanan wata. Ja ta gani, kuma shi da hannunsa ya rubuta mata abin da za ta yi in ta ga ja. Kwana biyu yana tunanin yadda rahoton zai fita daga waya, bai yi tunanin inda zai je ba ko sau ɗaya.

"A tsayar da..." ya fara, yana miƙewa.

Ƙaramar wayar da ke ƙarshen teburi ta yi ƙara sau biyu.

Kafinta ya ɗauka don ya kashe ta, da alamar kunyar ta katse manya. Ya duba. Ya daɗe yana dubawa, leɓunansa suna motsi, don ba mai saurin karatu ba ne. Sannan ya karanta a fili, kalma bayan kalma, da muryar da ba hawa ba sauka.

"Awon iyalinka ya nuna haɗari. A kai ta asibiti yau, kada a jinkirta. Mota tana zuwa."

Ta taga aka ji an tayar da injin mota a harabar asibiti, sai jami'in kwamfuta ya fita da gudu ya tsayar da direba.

Kafinta ya ɗago ya dubi Auta, karo na farko tun da aka zauna.

"Wannan shi ne wanda ya kamata ya zo mini ranar?"

"Shi ne."

"Ranar ina nan bayan tasha ina haɗa ƙofa. Da sabis a wayata, cikakke." Ya sake duban saƙon. "Awa ɗaya da rabi ne zuwa gida a babur."

Mutumin ya juya wajen Yaya ya ce, "Baiwar Allah, ki yafe mini, na zalunce ki." Ya sa wayar a aljihun gaba, ya danne aljihun da tafin hannu, ya fita bai rufe ƙofa ba.

Sauran bai ɗauki minti goma ba. Likita ta ce an janye takardar dakatarwa, za a rubuta wata. Ta ce a dakatar da manhajar a koma littafi, a kuma binciko rahoto nawa ne ke kwance a sauran wayoyi ashirin da tara, yau ba gobe ba, kuma a kashe saƙon tes kafin a taɓa ko ɗaya. Manaja ya fita bai ce wa Auta komai ba, ƙamshinsa ya daɗe bai bi shi ba.

A baranda Auta ya tarar da Yaya tana sa wayar a jaka. Ya tsaya nesa kaɗan, kamar yadda yake tsayawa yana yaro in ya yi ɓarna.

"Yaya."

"Yaushe ka gano?"

Ya yi niyyar cewa jiya. "Ranar Asabar. Bayan na bar gidanki."

Ta ƙirga a ranta, ya ga tana ƙirgawa. Asabar, Lahadi, Litinin. Kwana uku tana kwana da tunanin ko dai ba ta danna ba.

"Ka kyauta da ka faɗa," in ji ta. Ta gyara mayafinta ta rataya jaka. "Akwai mata huɗu a bayan tsaunin nan da ban san halin da suke ciki ba. Zan je in duba su."

"In kai ki a mota?"

"A'a, Injiniya," ta ce. "Zan hau ta haya."